Sharhi: Juya Fim Zuwa Wani Harshe, Wa Ke Cin Ribar?

SULEJA — Duk wanda ya ratsa unguwar Wambai da yamma, ko ya leƙa Kasuwar IBB ta garin Suleja, zai ga rumfunan samarin da ke tura wa jama'a fina-finai a wayar hannu. Wani kaso mai yawa na abin da ake nema a waɗannan rumfuna shi ne Indiya-Hausa, wato fina-finan ƙasar Indiya da aka cire muryoyin 'yan wasansu aka ɗora na Hausa. Sana'ar ta bunƙasa ne a Kano tun daga farkon shekarun 2010, kuma sunan da ya fi fice a cikinta shi ne Algaita. A yau babu wani gari a Arewa da wannan haja ba ta kai ba.

Idan za a iya tunawa, Hausawa sun shafe shekaru fiye da hamsin suna kallon fim ɗin Indiya ba tare da sun ji harshen ba, tun zamanin da 'yan kasuwa Kwarori ke kawo shi gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos. Da aka ɗora masa muryar Hausa, sai ya shiga ɗakunan matan aure da hannun yara da tsofaffi, mutanen da a da sai an zauna kusa da su ana ba su labarin abin da ke gudana. Fim ɗin bai canza ba. Harshe kawai aka sauya, kasuwa ta buɗe. Masu shirya fina-finan Hausa sun sha kokawa cewa wannan haja ta cinye musu kasuwa, kuma kukan nasu yana da tushe. Sai dai abin da ba a cika tambaya ba shi ne: me ya hana su yin irin wannan dabara da nasu kayan?

Ra'ayin wannan sharhi shi ne cewa riba mai ɗorewa a harkar fassarar fim tana hannun wanda ya mallaki fim ɗin a rubuce, wanda kuma ya adana sautinsa a rarrabe tun ranar da aka gama aiki. Wanda bai riƙe waɗannan abubuwa biyu ba, ɗan kwadago ne a gonar wani, ko da kuwa muryarsa ce ta sayar da kayan.

Tarihin sana'ar ya nuna haka. A shekarar 1992 ne Kenneth Nnebue ya fitar da Living in Bondage da harshen Ibo, tare da fassarar Turanci a rubuce a ƙasan allo, kuma fim ɗin ya sami karɓuwa har a wajen waɗanda ba Ibo ba. Nnebue ya fahimci saƙon, shi ya sa a 1994 ya yi Glamour Girls da Turanci kai tsaye, domin ya kama ƙasar baki ɗaya. A Indiya kuwa, an shirya Baahubali kashi na biyu a 2017 da harsunan Kudu, Telugu da Tamil, aka kuma juya shi zuwa Hindi. Fassarar Hindin kaɗai ta tara fiye da Rufi biliyan 5 a cikin ƙasar. Wannan kuɗi ya shiga lissafin masu fim ɗin da dillalan da suka ƙulla yarjejeniya da su, domin su ne suka ba da izinin fassarar. Amma sa'ad da aka juya fim ba da izini ba, aka watsa shi ta memori daga wannan waya zuwa waccan, mai fim bai ga ko kwabo ba, shi ma mai fassarar abin da yake samu bai wuce na kwanakin farko ba, kafin kowa ya kwafa daga maƙwabcinsa. Ba shi da bakin kai ƙara, tun da shi ma ba kayansa ba ne.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ajiye ikon fassara fim da sake masa siffa a hannun mai shi, kuma kariyar tana kai wa shekara 50 daga lokacin da aka fara fitar da fim ɗin. Dokar ta kuma ce sayar da haƙƙi, ko ba da izinin da ya keɓanta ga mutum guda, ba ya tabbata sai a rubuce. A nan ne matsalar fina-finan Hausa ta fara. A zamanin kaset da faifai, lokacin da Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano (wadda suna kawai ya haɗa ta da Wambai ta Suleja) take cibiyar rarraba fim, ciniki da yawa da baki aka yi shi. Furodusa ya miƙa uwar kaset, ɗan kasuwa ya ƙirga masa kuɗi, aka yi musabaha. Shin abin da aka sayar izinin buga kaset ne kawai, ko fim ɗin ne ɗungurungum? Shin mawaƙi ya sayar da waƙarsa ga wannan fim ne da harshen Hausa, ko har da kowane harshe? Muddin babu takarda, babu gidan talabijin na kirki da zai sayi fassarar, domin tambayar farko da lauyansu zai yi ke nan. Saboda haka ɗan kasuwar da ke son zuba jari a wannan fanni, kafin ya je situdiyo, ya fara zuwa wurin lauya.

Abu na biyu shi ne sauti, kuma a nan ne ya kamata a daɗe, domin shi ne wurin da kuɗi ke zurarewa ba tare da mai jari ya sani ba. Sautin fim hawa uku ne: akwai maganar 'yan wasa, akwai kiɗa, akwai kuma amon wuri, wato takun ƙafa, ƙarar ƙofa, kukan kaza, hayaniyar kasuwa da tashin babur. A wurin da aka ƙware, edita yakan ajiye kowanne a layinsa, sannan ya fitar da kwafi guda mai ɗauke da kiɗa da amo kawai, babu magana. Wannan kwafi shi ne jarin fassara. Da shi, aikin mai ɗora murya bai wuce ya zuba sabuwar magana a gurbin tsohuwa ba. Shi ya sa gidajen talabijin na ƙasashen waje ke sanya shi cikin sharuɗɗan saye.

To, a yawancin ayyukan da ake yi da ƙaramin jari, makirifo guda ce ke ɗaukar komai a wurin ɗaukar hoto. Maganar jaruma da ƙarar janareta da kukan akuyar maƙwabta duk suna cakuɗe a layi ɗaya. Da an gama aiki an fitar da fim, sai a goge fayilolin domin a sami wurin aiki na gaba. Ranar da aka tashi fassara, idan aka kashe maganar, komai ya mutu tare da ita. Za a ga mutum ya buga ƙofa babu ƙara, mota ta wuce shiru kamar inuwa. Daga nan zaɓi biyu ne. Ko dai a sake gina amon fim ɗin daga tushe, taku bayan taku, wanda hakan yana iya ninka kuɗin aikin, ko kuma a yi ta rage sautin asali duk lokacin da za a yi magana a mayar da shi idan an gama. Wannan ta biyun ita ce aka saba ji a fassarar gaggawa: kiɗa ya nutse, murya ta fito, murya ta ɗauke, kiɗa ya taso da ƙarfi, wani lokaci har ana jin wutsiyar harshen asali a ƙarshen jimla. Mai kallo a waya yana iya haƙuri da hakan. Gidan talabijin da zai biya kuɗi ba zai karɓa ba.

Gwajin da mai jari zai yi da kansa ba shi da wuya, ba ya kuma bukatar ilimin injiniya. Ya ce wa edita ya kunna masa fitowa guda, ya kashe layin magana kaɗai. Idan ya ci gaba da jin takun ƙafa da iska da kiɗa, fim ɗin yana da gobe a wani harshe. Idan ɗakin ya yi tsit, to ya san farashin da zai taya ya ragu. Manhajojin da ke raba murya da kiɗa sun samu a 'yan shekarun nan, suna kuma ceto wasu tsofaffin ayyuka, amma sukan bar gurɓataccen amo wanda kunne ke kamawa, musamman inda mutane da yawa ke magana lokaci guda.

Ya kamata a buga lissafi domin a ga inda maganar ta dosa. Alƙaluman da ke tafe misali ne kawai, kowa ya sa nasa a gurbinsu. A ɗauka wani furodusa yana da fim mai dogon zango, kashi 13, kowane kashi minti 40, kuma kowanne ya sami kallo miliyan ɗaya a YouTube. Yana son juya shi zuwa Turancin Buroka. A ɗauka kowane kashi yana da jimloli 400, kuma mai ɗora murya yana iya kammala jimla 40 a awa guda idan ana so magana ta dace da motsin baki. Wannan awa 10 ke nan a situdiyo kan kowane kashi, awa 130 ga zangon duka, ban da lokacin mai fassara da na mai haɗa sauti. Idan aka ce dukkan wannan ya ci Naira 250,000 a kowane kashi, zangon ya tashi Naira miliyan 3 da dubu 250.

Yanzu sai a dubi shigowar kuɗi. YouTube yana bai wa mai tasha kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar da aka sa a dogon bidiyo, amma abin da talla ke biya ya danganta da ƙasar da mai kallo yake. A ɗauka kallo dubu ɗaya yana kawo Naira 500. Ke nan kowane kashi sai ya sami sabon kallo 500,000 kafin uwar kuɗi ta dawo, wato rabin abin da ya samu a harshensa na asali, inda jaruman suke da masoya. Wannan ba ƙaramin tsalle ba ne. Lokacin da YouTube ya faɗaɗa tsarin sanya wa bidiyo guda muryoyi na harsuna da yawa a 2023, kamfanin ya bayyana cewa waɗanda suka gwada tsarin sun sami sama da kashi 15 cikin ɗari na lokacin kallonsu daga harsunan da aka ƙara. Idan furodusan ya sami kwatankwacin haka, kallo 150,000 ke nan, Naira 75,000, ƙasa da sulusin abin da ya kashe. Kuma waɗanda aka yi gwajin da su manyan tashoshi ne irin ta MrBeast, masu masoya a ko'ina cikin duniya.

Abin da lissafin ke nunawa a fili yake. Tallar YouTube ita kaɗai da wuya ta biya fassara mai inganci, sai dai idan sabon harshen yana da masu kallo a ƙasashen da talla ke da tsada. Dole a sami mai saye na biyu tun kafin a kunna makirifo: ko gidan talabijin da zai biya lasisi, ko kamfanin da zai ɗauki nauyin shirin domin tallar hajarsa. Fina-finan Kudu sun bi wannan hanya zuwa ƙasashen da ke jin Faransanci, ta tashar Nollywood TV da ke nuna su da muryar Faransanci, har ta kai ga kamfanin Canal+ ya sayi situdiyon ROK na Legas a 2019. A Arewa ma tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta nuna wasannin ƙasashen waje da muryar Hausa. Bambancin waɗannan da kayan memori shi ne akwai takarda, akwai mai biya, akwai kuma wanda za a kama idan aka saɓa.

Sai batun zaɓen harshe, kuma a nan garin Suleja yana da abin da Kano ba ta da shi. Tun da aka ba da sunan Abuja ga sabon babban birni garin ya koma amsa sunan Suleja, musamman bayan da gwamnati ta tare a 1991, ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa suka cika shi, domin haya a nan ta fi sauƙi. A rumfa guda za a ji Hausa da Gwaranci da Nufanci da Yarabanci da Ibo da Buroka kafin azahar. Mai son sanin ko fim ɗinsa zai ci a wani harshe ba sai ya yi hayar masu bincike ba. Ya juya minti goma daga wurin da labarin ya fi zafi, ya bai wa masu rumfunan tura fim a Wambai da Madalla, ya dawo bayan mako biyu ya tambaya mutum nawa suka komo suna neman ci gaba. Komowar ita ce shaida, ba yabon da aka yi a gaban mai kaya ba.

Kowane harshe da irin cinikinsa. Nufanci da Gwaranci suna kusa, al'adun aure da zaman gida da ake nunawa a fim ɗin Hausa ba baƙi ba ne ga masu su, amma da yawansu suna jin Hausa, don haka sun riga sun kalli na asali, kuma kasuwar ba ta da faɗin da talla ta intanet za ta biya. Irin wannan sai da mai ɗaukar nauyi na cikin gida, kamar dillalin takin zamani ko mai sayar da babura. Buroka tana da jama'a mafi yawa, kamar yadda gidan rediyon Wazobia da sashen BBC na wannan harshe da aka buɗe a 2017 suka tabbatar, amma mai jin ta yana da fina-finan Kudu birjik a gabansa, sai labarin ya yi ƙarfi kafin ya waiwayo. Bugu da ƙari, harshe ne da kunnen jama'a ya saba ji a raha, don haka fim na kuka yana iya komawa abin dariya idan ba a zaɓi muryoyi da hankali ba. Faransanci ya fi su tsada, domin masu muryar sai an nemo su a Yamai ko Kwatano ko Abijan, amma shi ne ke da gidajen talabijin masu sayen lasisi.

Hanya mafi arha ta auna ruwa ita ce fassarar rubutu a ƙasan allo, wadda kuɗinta bai kai kusa da na ɗora murya ba. Sai dai fina-finan Hausa sun yi ƙaurin suna a wannan fanni, saboda an daɗe ana bai wa duk wanda ke kusa aikin, har Turancin ya zama abin barkwanci. Ƙa'idar ba ta da yawa: layi biyu a lokaci guda, kowane layi kimanin harafi 40, a bar shi ya daɗe yadda mai karatu zai gama kafin ya ɓace. Bayan wata uku mai tasha ya buɗe shafin ƙididdiga na YouTube ya duba ƙasashe da biranen da ake kallo, da kuma minti nawa baƙi ke yi kafin su fita. Idan suna ficewa a minti biyun farko, matsalar ba ta harshe ba ce, kuma ɗora murya ba zai gyara ta ba.

Aikin fassarar kansa yana da nasa tarkon. Gaisuwar Hausa doguwa ce. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya muka ji da haƙuri, duk bakin ɗan wasa yana motsi, alhali wani harshen ya gama tasa gaisuwar da kalma biyu. Dole mai fassara ya cike gurbin da magana mai ma'ana. Dole kuma ya lura da haruffan da leɓe ke haɗuwa a kansu, irin su b da m, domin a nan ne ido ke kama saɓani idan kyamara ta matso fuska. Kalmomi irin su kunya da kara da kishiya da ɗan'uba ba su da takwarori kai tsaye, kuma sau da yawa a kansu labarin ya rataya. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, baƙo zai ɗauka ƙiyayya ce idan ba a saƙa masa bayani cikin wata jimla ba. Masu Indiya-Hausa sun yi nasara ne domin ba su bi kalma da kalma ba, sun sa jarumin Indiya yana zaurance da habaici irin na samarin Kano. Wanda zai kai fim ɗin Hausa waje yana bukatar mai fassara ɗan asalin harshen da za a shiga, ba Bahaushen da ya koye shi a makaranta ba. Waƙoƙi kuwa gara a bar su da Hausarsu a sa rubutu a ƙasa, domin sake rera su aiki ne dabam mai kuɗinsa da izininsa.

Akwai kuma haƙƙin masu murya, wanda ake yawan mantawa. Da zarar masu kallo sun saba da muryar da ke magana da bakin jarumi, ta zama wani ɓangare na hajar. Idan aka canza ta a kashi na bakwai saboda an saɓa kan kuɗi, masu kallo za su ji, kuma za su yi ƙorafi. Ya dace yarjejeniyar ta ɗaure mai murya zuwa ƙarshen zango, ta fayyace ladansa a kowane kashi, ta kuma faɗi ko yana da wani kaso idan aka sayar da fassarar ga gidan talabijin.

Ga masu jarin da ke ba da kuɗin shirya sababbin fina-finai, abin da ake bukata bai wuce sharaɗi uku a takardar aiki ba, kuma kusan babu ƙarin kuɗi a cikinsu. Edita ya miƙa layin magana da na kiɗa da na amo a rarrabe tare da fim ɗin, a ajiye kwafi biyu a wurare biyu. Marubuci ya miƙa rubutaccen abin da aka faɗa a fim ɗin yadda ya fito, ba yadda aka tsara tun farko ba, da lokacin kowace jimla. 'Yan wasa da mawaƙa su sa hannu cewa sun yarda a juya aikin zuwa kowane harshe, da abin da za a biya su idan hakan ta faru. Kada a biya edita cikon kuɗinsa sai an kunna fitowa guda an kashe maganar an ji takun ƙafa.